Yadda Sindre Ya Cire Kansa Daga Hoton Gayya

A Lyngvika, ƙauyenmu na bakin teku, duk mai kwalekwale ya san Asabar ta farko a watan Mayu ba tasa ba ce, ta gayya ce. Ranar ake fito da gadar katako da ake ɗaure kwalekwale a jikinta a mayar da ita kan ruwa, a kankare ɗakin ƙungiyar masu kwalekwale a shafa masa jan fenti, a canja igiyoyin da sanyi ya cinye. In an gama a sha kofi, a ci waina da cuku, sannan a jeru a bakin gada a ɗauki hoto.

Hoton nan ba na ado ba ne. Da can takarda ake zagayawa da ita kowa ya sa hannu, har shekarar da aka ga sa hannun mutum talatin da ɗaya alhali goma sha biyu ne suka yi aikin, kuma ɗaya daga cikin masu sa hannun yana kwance a asibiti. Tun daga nan aka kafa doka: wanda ya fito a hoton gayya ya riƙe gurbin ɗaure kwalekwalensa na shekara, wanda bai fito ba gurbinsa ya koma ga na gaba a layi. Mu mutane ne da ba mu iya faɗa ba, shi ya sa muke son doka. Ita take yi mana faɗan, mu kuma mu zuba kofi.

Gurbi na bakwai shi ne mafi kyau, yana bayan dutse inda iska ba ta kaiwa. Na marigayi Eilif ne, ya bar wa jikansa Sindre tare da tsohon kwalekwalensa. Na gaba a layi kuwa Likita Rustad ne, mai cire haƙora a Bergen, wanda ya gina gidan hutu a nan. Shekara tara ke nan yana zuwa gayya da sabon safar hannu, yana tsayawa a sahun gaba na hoto, yana kallon gurbi na bakwai kamar yadda mage ke kallon kwanon da aka rufe.

Sindre ɗan shekara ashirin da uku ne. Ya yi wata huɗu a Oslo yana koyon zane da gyaran hoto, ya dawo da ɗan gemu da kuma ra'ayi a kan komai. A gayyar bana bai taɓa buroshi ba sai da ya bayyana wa kowa yadda ake riƙe shi. Da lokacin hoto ya yi, ya karɓe kyamarar ƙungiya daga hannun Gunvor, sakatariyarmu mai shekara saba'in da huɗu, ya ce hotunan da ke jikin bango tun daga na farko har na bara duk abin kunya ne, bana za a ga aikin wanda ya sani. Ya ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku, ya kwashe kusan rabin awa yana matsar da mutane. Gunvor ta ce masa ita takan sa kyamarar ta ɗauki biyar a jere don a zaɓa. Ya ce wannan dabarar marasa tabbas ce, gwani sau ɗaya yake harbi.

Ya saita daƙiƙa goma, ya danna, ya sheƙo da gudu. Gurbin da ya tanadar wa kansa yana tsakiya, gaban Gunvor, kusa da tsoho Oddvar masunci. Ya iso, ya juyo don ya fuskanci kyamara da murmushin da ya shirya, diddigensa ya hau jiƙaƙƙen katako. Ƙafafu suka tafi gabas, shi ya tafi yamma, wajen bakin gada inda ruwa ke jira. Aka yi caraf aka riƙe shi. Kyamara ta ce ƙyas.

Ya miƙe ya kakkaɓe jiki, ya je ya leƙa ɗan allon kyamarar, ya ga mutane kamar tururuwa. Oddvar ya tambaya ko a sake. Sindre ya ce ai ya riga ya tsaya cak kafin ta ɗauka, hoto ya yi yadda ake so. Yayyafi ya sauko, kowa ya kama hanyar gida.

Sai da ya buɗe hoton a babban allon kwamfutarsa ya ga abin da ya faru. Baki a wangame har ana hango dasashi, ido ɗaya a rufe, ɗaya ya fito kamar na kifin da aka jawo daga zurfi, ƙafa ɗaya a sama, takalmin roba yana shirin barinta. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a ransa, wannan mutumin ko a hanya na gamu da shi sai na tsallaka titi. Kuma wannan ne za a buga da girman rabin ƙofa a rataye a ɗakin ƙungiya, inda hotuna ke zama har jikokin jikoki.

Yayarsa Tuva, wadda suke zaune gida ɗaya, ta shigo da kofi a hannu, ta leƙa ta bayan kansa. Dariya ta sa sai da ta ajiye kofin a ƙasa.

"Turo mini shi, ƙanena. Ba zan nuna wa kowa ba sai mutanen wurin aikinmu."

"Babu wanda zai gan shi. Cire kaina zan yi."

"Ka cire kanka daga hoton gayya? Da gurbin Kaka a kai?"

Ya ce mata ita ba ta san aikin ba. Zai cire wannan Sindre ɗin ne ya saka wani wanda ya fi shi, aikin minti goma, a Oslo har da barci a ido yana yin irinsa. Tuva ta ce to ya fara ajiye kwafi a gefe kafin ya taɓa. Ya ce kwafi shi ne hanyar da hoto ke bi ya faɗa hannun irinta. Tana fita ya saka katin kyamarar ya share shi tas, ya zamana hoton ɗaya ne tak a duniya, kuma a kansa zai yi aiki.

Da a gefe ya tsaya da magana ta ƙare, datse gefen kawai za a yi. Amma shi da kansa ya zaɓi tsakiya. Don haka ya ɗauki alƙalamin manhajar gyaran hoto ya fara zagaye jikinsa, ɗigo bayan ɗigo. Kafaɗa da ƙafa ba su ba shi wahala ba. Gashi ne ya cinye masa awa biyu, don iska ta watsa shi a kan rigar Gunvor, kowane sili sai an bi shi. Da ya rufe zagayen ya danna sharewa, sai ga rami mai siffar mutum yana faɗuwa, cike da ƙananan murabba'ai fari da toka. Ya lura ramin ma ya fi shi kama da wawa.

Ya ce ba komai, manhaja tana da cikawa da kanta. Takan duba abin da ke kewaye da rami ta yi hasashen abin da ya kamata ya zauna a ciki. Ya danna. Ta yi tunani na ɗan lokaci, ta cika ramin da gemun Oddvar. Gemu tun daga sama har ƙasa, da maɓallan riga uku a tsakiyarsa, da wata ƙafa ta uku da ta tsiro wa mutumin da ke gefe. Ya koma baya ya sake dannawa. Wannan karon ta ba shi kan Likita Rustad, ƙarami, yana leƙowa daga hammatar Gunvor. Sindre ya rufe kwamfutar ya fita shan iska.

Washegari ya koma kan babban shirin, wato sabon Sindre. Ya sa rigar saƙa mai kyau, ya ɗauki kyamarar ƙungiya da katin nan da ya share, ya tafi filin da ke bayan gidansu ya dinga ɗaukar kansa. Hannu a ƙugu, hannu a aljihu, kallon teku, kallon nesa. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan shinge ta tambaya ko takarar majalisa zai tsaya. Sai da ya ɗauki sama da ɗari uku, katin ya ce ya cika.

Ya zaɓi mafi kyau ya yanko ya liƙa a ramin. A nan ya tuna wani darasi da aka yi a Oslo ranar da ya makara. Ranar gayya akwai hadari, haske a baje yake, babu mai inuwa a fuska. Shi kuwa a rana tsaka ya ɗauki nasa, rabin fuska na ƙyalli, rabi baƙi. Ga shi kyamarar tana kusa da shi a filin bayan gidan, sai hanci ya fito gaba, kunnuwa suka koma baya. Ya rage haske, ya zama kamar gawa. Ya rage girma, ya zama kamar ɗan tsana. Abin da ya fi muni, Oddvar yana nan a sunkuye ya miƙa hannu biyu yana rungumar wani abu a daidai cinyar sabon Sindre, wanda ke tsaye ƙiƙam yana kallon nesa bai san ana yi ba.

Tuva ta leƙo ta ce ya yi kama da mutum-mutumin da ake sa wa kaya a shagon tufafi, kuma Oddvar yana ƙoƙarin sace shi.

Sai Sindre ya sake shiri, ya kuma ce wannan ya fi na farko hikima. Ba zai saka kowa ba. Zai ce shi ne a bayan kyamara, ai dole wani ya ɗauki hoto. Tuva ta tuna masa shekara ashirin ƙafafu uku ke ɗaukar hoton nan. Ya ce kowa ya gan shi a wurin da idonsa, Gunvor ba za ta kori jikan Eilif a kan wata 'yar ƙa'ida ba. Tuva ta ce Gunvor ta taɓa hana mijinta gurbi don ya tafi bayan gida lokacin hoto. Ya ce wannan tsakanin miji da mata ne.

Saura cike rami da hannu. Akwai wani kayan aiki da ake ɗebo wani sashe na hoto da shi a shafa a wani wuri, kamar mai facin bango da ƙasar gefe. Ya ɗebo jan katakon ɗakin ƙungiya ya shafa a sama, ya ɗebo katakon gada ya shafa a ƙasa. Layukan katako suka ƙi haɗuwa, domin na nesa sirara ne na kusa masu faɗi, sai bangon ya lanƙwashe kamar ana kallonsa ta gindin kwalba. Wani kulli da ke jikin katako ɗaya ya bayyana sau bakwai a jere. Ya gyara wannan, sai ya ga inuwarsa kwance a gada ba mai ita. Ya goge ta. Ya ga takalminsa na roba a iska. Ya goge shi. Ya ga yatsunsa huɗu a hannun rigar Oddvar. Ya goge su, hannun rigar ya tafi da su, ya sake ginawa.

Sannan ya iso ga Gunvor. A nan ya gano abin da babu manhajar da ke da maganinsa: abin da kyamara ba ta gani ba, babu shi. Jikinsa ya rufe rabin Gunvor na dama tun daga kafaɗa har ƙasa, don haka bayan an cire shi rabin mace ya rage. Ya zauna ya yi tagumi. Can ya buga cinya, ya ce wannan ita ce irin dabarar da ake biyan kuɗin makaranta dominta. Ya kwafi rabinta na hagu, ya juya shi kamar a madubi, ya manna a dama. Gunvor ta cika mutum. Ta fi da faɗi kaɗan, amma ya ce a ransa mace mai shekara saba'in da huɗu ba za ta tsaya aune-aune ba.

Hannayen Oddvar ne suka rage, a buɗe, suna rungume da iska. Ba a iya sauke su, domin abin da ke bayansu ma babu shi. Sindre ya yi tunani irin na masana: me masunci ke runguma? Ya nemo hoton wani ƙaton kifi, ya yanko, ya kwantar da shi a hannun tsohon, ya ɗan zana masa inuwa a ƙasa. Ya ja kujera baya ya duba. A allon kwamfuta, daga nesa, in an ɗan runtse ido, abin ba laifi. Ya haɗe duka sassan wuri ɗaya ya adana a kan na asali. Kwana tara ke nan da fara aikin minti goma.

A cikin kwanakin nan ya ƙara girman hoton har fuskar kowa ta zama ƙananan murabba'ai, ya san ta fiye da yadda mai ita ya san ta. Ya ga idon mutum huɗu a rufe. Ya ga cuku a gemun shugaban ƙungiya. Ya ga Likita Rustad da yatsa a kunne. Ya ɗan yi mamakin yadda babu ɗayansu da ya zo ya roƙe shi ko da a duba masa yadda ya fito, amma bai tsaya bin wannan tunanin ba, aiki ya yi masa yawa.

Matar shagon buga hotuna a cikin gari ta buɗe fayil ɗin, ta tambaye shi ko na baje kolin masu fasaha ne. Ya ce kusan haka. Ta ce in an buga da wannan girman duk abin da allo ya ɓoye takarda za ta faɗa, ko yana so a fara gwada ƙarami? Ya ce ta buga kawai ta sa a firam ta naɗe, sauri yake yi.

Ranar Lahadi da yamma aka yi taron raba gurabe. Ɗaki ya cika, kofi yana zagayawa, Likita Rustad ya zo da kek daga Bergen kamar kowace shekara. Sindre ya nemi a ba shi minti biyu, ya yi goma sha biyar yana bayani a kan haske da tsari da yadda gwanin hoto yakan sadaukar da kansa ya tsaya a baya. Sannan ya yaye takardar.

Mu in abu ya ba mu mamaki ba ma cewa komai, kofi muke kurɓa. An ji kurɓa ta ko'ina.

Abin da Sindre bai taɓa lura da shi ba, saboda kwana tara yana kallon hoton gunduwa-gunduwa, shi ne inda idanu ke kallo. Mutum ashirin da biyu, babu ko ɗaya da ke kallon kyamara. Duk sun juyo tsakiya, wasu baki buɗe, wasu sun miƙa hannu, wata ta dafe ƙirji, kuma abin da suke kallo da wannan firgici shi ne kifi.

Oddvar ya tashi a hankali ya matsa kusa. Ya ce shekara sittin yana kamun kifi a wannan ruwa bai taɓa ganin irin wannan ba, wannan kifin ruwan zafi ne, ga shi da ratsin shuɗi. Amma tunda ga shaida a bango, yana so a rubuta cewa shi ya kama. Wani daga baya ya tambaya yaushe bangon ɗakin ya lanƙwashe, kuma wa zai gyara. Gunvor ta sa tabarau ta duba kanta. Ta ce ba ta san tana da agogo biyu ba, da aljihun ƙirji biyu, kuma ta gode da aka sanar da ita hannayenta duka biyu suna riƙe da kofi.

"Gyaran haske ne kawai," in ji Sindre. "Haka ake yi yanzu."

"To madalla," in ji Gunvor. Ta ɗauko jerin gurabe da fensir.

Haka take yi duk shekara: ta kira gurbi, ta nemo mai shi a hoto, ta ɗora fensir a fuskarsa, ta yi alama. Na ɗaya, na biyu, har na shida. Ta kira na bakwai. Fensir ya bi sahun gaba, ya bi na baya, ya dawo ya tsaya a kan kifi.

"Jikan Eilif, ban gan ka ba."

"Ina bayan kyamara, Gunvor."

"Kyamara ba ta da baya a dokarmu. Gaba kawai gare ta."

"Amma kin gan ni. Kowa ya gan ni. Oddvar, ba kai ka riƙe ni ba?"

Oddvar ya kalli hoton, ya kalli Sindre, ya ce shi dai tsufa ya kama shi, ba ya yarda da ƙwaƙwalwarsa kamar da, kuma bisa ga abin da yake gani kifi ya riƙe. Aka bi ɗaki da tambaya. Kowa ya ce yana jin kamar ya ji wata murya ranar tana koya wa mutane riƙon buroshi, amma murya ba ta fitowa a hoto. Babu wanda ya yi ko murmushi. Likita Rustad ya fara yanka kek, yana cewa shi ba ya so a ce ya matsa, amma doka ai doka ce.

Sindre ya zabura. Ya ce a dakata, akwai na asali. Gunvor ta ce a kawo. Ya tuna ya adana gyaran a kan na asalin. Tuva ta ɗaga hannu daga kujerar baya ta ce ko an share kati ana iya dawo da hotuna, matuƙar ba a ɗauki wasu a kai sun danne su ba. Ta juyo ta tambaye shi da murya mai daɗi ko ya ɗauki wani abu da katin bayan ya share. Gunvor ta kunna kyamarar ƙungiya, wadda ya dawo da ita ranar. Ta danna, ta danna, ta danna. Ta miƙa wa na kusa da ita, shi ma ya miƙa gaba. Kyamara ta zagaye ɗaki, Sindre ɗari uku suna kallon teku.

"To ga ni nan ai," ya ce da 'yar muryar da ta rage masa.

"Wannan bayan gidanku ne," in ji Gunvor. "Ba a yi gayya a can ba."

Ta ce doka ta ce mutum ya fito a hoton, ba ta ce dukkansa ba. In akwai wani yanki nasa da ya rage, ya nuna, za ta karɓa. Ta ciro gilashin ƙara girma da take karanta takardar magani da shi ta ba shi.

Sai ga gwanin Oslo a durƙushe gaban aikinsa, yana addu'ar Allah Ya sa bai iya ba. Ya duba inda inuwa take, ya goge ta da kyau. Ya duba hannun rigar Oddvar, babu ko farce. Ya duba inda takalmi yake, sai katako. Ya ce a ransa, abu ɗaya da na taɓa yi da kyau a rayuwata ke nan, kuma shi zai kashe ni. Mutane suka taso suka kewaye shi suna taya shi nema. Wata ta nuna wani baƙin ɗigo, aka duba, kashin tsuntsu ne. Likita Rustad ya duba agogo ya ce kada a wahalar da yaro.

Tuva ce ta ce a duba can gefen dama. Ranar gayya an cire gilashin wata taga don a yi wa katakonta fenti, an jingine shi a karkace a jikin bango, bayan mutane. Sindre bai taɓa kai ido wurin ba, don babu fuskarsa a kusa. Ya kai gilashin ƙara girma. A cikin tagar ga taron nan duka ta baya, ƙanana amma tar. Ga wani mutum a tsakiya yana tafiya ruwa, ba a ganin fuskarsa, sai wando da ya zame da abin da wando ya kamata ya rufe, cikin gajeren wando mai ratsin ja. Hannayen Oddvar suna kusa da shi amma ko kama shi sosai ba su yi ba. Abin da ya hana shi faɗawa ruwan Mayu hannu ɗaya ne, na dama, wanda ya cafki bel ɗinsa ta baya. Gunvor ce, ta turje da ƙafa biyu, ta karkace kamar mai jan saniya, kofinta na hannun hagu ko zuba bai yi ba.

Sindre ya daɗe a durƙushe. Wannan hannun ne ya rufe da jikinsa, sannan ya maye gurbinsa da na jabu. Ya ɗago ya kalle ta. Sai yanzu ya lura tun da aka fara taro da hagu take rubutu, na daman yana kwance a cinyarta.

"Ba ki faɗa ba," ya ce.

"Ba ka tambaya ba. Kana ta gyaran haske." Ta gyara tabarau. "Ana ganin mutum a nan, amma babu fuska. Sai mai shi ya tashi ya shaida a gaban taro cewa nasa ne."

Likita Rustad ya ce a gaskiya wannan zai iya zama na kowa.

Sindre ya miƙe. Ya kalli ɗaki, ya kalli taga, ya ajiye gilashin a tebur.

"Jama'a, waɗannan mazaunan nawa ne. Wandon ma nawa ne, Tuva ce ta saya mini. Na goge fuskata don kada a yi mini dariya, ga abin da na bar muku a madadinta. Ina roƙo a karɓa."

Oddvar ne ya fara. Wata irin ƙara ta fito masa ta hanci, sannan ɗakin ya fashe da dariya gaba ɗaya, har shugaba yana buga tebur, har Likita Rustad ya ajiye wuƙar kek ya cire tabarau yana share ido. Sindre ya tsaya a tsakiya ana yi, ya ga abin bai kashe shi ba, sai shi ma ya shiga.

Da aka lafa ya ce zai cire kifin ya sake gyara hoton a kyauta. Aka kaɗa ƙuri'a, mutum ashirin da biyu suka ce kada ya kuskura ya taɓa shi. Gunvor ta ɗora fensir a kan tagar, a daidai ratsin ja, ta yi alama a gurbi na bakwai da hannun hagu. Sannan ta ce kwalekwalenta yana buƙatar kankara da fenti kafin a sa shi a ruwa, kuma likitan asibiti ya ce kafaɗarta sai ta huta wata guda.

Sindre ya buɗe baki zai ce aikin minti goma ne. Ya rufe. Ya tambaye ta ƙarfe nawa zai zo, kuma ta wane gefe ake riƙe buroshi.